Me ya sa mai ciyawa ke sayen ragon maƙwabcinsa? Lissafin 1817 a bakin gadar Malanville

Wannan shi ne rubutaccen bayanin shirinmu na tarihin kasuwanci na wannan mako, domin wanda bai samu saurare ba, da wanda ya saurara amma lissafin ya wuce shi da sauri. To, ga shi a takarda, ka bi shi sannu a hankali.

Tambayar da muka ɗauka ita ce wannan. Kai ma ka san ƙasar da ke kudu da Malanville, wajen Kandi da Banikoara, ta fi ƙasar Tawa da Abalak samun ruwan sama. Gona a can ta fi ba da hatsi, daji kuma ya fi fitar da ciyawa. Jihar Alibori ma tana cikin wuraren da suka fi yawan shanu a duk faɗin Benin. Idan masara da garin rogo suka ƙetare kogi suka yi arewa, babu mai mamaki, don mai yawa ne ke sayar wa mai kaɗan. Amma me ya sa shekara da shekaru raguna da shanun Nijar ke gangarowa kudu, zuwa ƙasar da ta fi su ciyawa? Wanda ya fi ka hatsi kuma ya fi ka ciyawa, me zai nema a wurinka?

Cinikin da ba ya buƙatar bayani

Tun kafin zuwan Turawa, wannan yanki namu na Dandi hanyar fatake ne. A ƙarni na 19 ayarin Hausawa kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna da takarkarai, su ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta garuruwa irin su Nikki da Jugu, har su kai kasuwar Salaga a ƙasar Gonja, cikin Gana ta yau. Suna ɗauke da kanwa, da tufafin saƙi, da kayan fata, da dabbobi. Abin da suke dawowa da shi kuwa goro ne.

Wannan ciniki dalilinsa a fili yake. Goro ba ya yi a ƙasar Hausa, kanwa kuma ba ta fitowa a kurmi. Kowa na sayen abin da ƙasarsa ba ta iya ba shi. A 1776 wani masani ɗan Sukotland mai suna Adam Smith ya faɗaɗa maganar kaɗan. A ganinsa, ko da kana iya yin abu, idan wani ya fi ka yin sa da araha, gara ka saya a wurinsa, kai kuma ka riƙe abin da ka fi shi iyawa. Nan ma hankali ya kama. Sai dai maganar ta bar rami: to, idan ƙasa ɗaya ta fi ɗaya iya komai da komai fa? Ashe ke nan mai ƙarfi ba shi da abin saya, marar ƙarfi kuma ba shi da abin sayarwa?

Mutumin da ya cike ramin

Wanda ya ba da amsar da aka fi sani shi ne David Ricardo, ɗan kasuwar birnin Landan da ya yi arziki a cinikin takardun bashin gwamnati. A 1817 ya fitar da littafinsa kan tattalin arziki da haraji, kuma a babin cinikin waje ya kawo misali da ƙasashe biyu, Ingila da Fotugal, da kaya biyu, yadi da giyar inabi. Kayan da ƙasashen biyu suka daɗe suna musaya ke nan, tun yarjejeniyar Methuen ta 1703, wadda ta buɗe wa yadin ulun Ingila kasuwar Fotugal, Ingila kuma ta sauƙaƙa wa giyar Fotugal kuɗin fito fiye da ta Faransa. Mu lissafin muke so, saboda haka idan kayan bai kwanta maka ba, ka ɗauke shi a matsayin kowane irin amfanin gona.

Ga alƙaluman da ya yi amfani da su. A Ingila, ana buƙatar aikin mutum 100 na shekara guda kafin a saƙa wani kaso na yadi, da mutum 120 kafin a yi wani kaso na giya. A Fotugal kuwa, wannan kason yadin mutum 90 ne ke saƙa shi, kason giyar kuma mutum 80. Ka lura da kyau, Fotugal ta fi Ingila sauƙin aiki a duka biyun. Bisa tunanin yau da kullum, sai ta rufe ƙofarta ta yi kayanta.

To amma bari mu ƙirga. Idan kowace ƙasa ta yi wa kanta kaso ɗaya na yadi da kaso ɗaya na giya, Fotugal za ta sa mutum 170 aiki, Ingila kuma 220. Yanzu a ce Fotugal ta bar saƙa ta yi giya kaso biyu. Mutum 160 sun ishe ta. Ingila ta bar giya ta saƙa yadi kaso biyu, mutum 200 sun ishe ta. Sai su yi musaya, kaso ɗaya a bakin kaso ɗaya. Kowace ƙasa ta samu abin da take samu a dā, amma Fotugal ta tsira da aikin mutum 10, Ingila da na mutum 20, waɗanda za su iya yin wani abin daban.

Ina sirrin yake? Fotugal ta samu yadi da gumin mutum 80, alhali da ta saƙa shi da kanta sai ta kashe gumin mutum 90. Ta fi Ingila iya saƙa, gaskiya ne, amma da ɗan kaɗan. A wajen giya ne ta ba ta rata mai yawa. Duk mutumin da ta zaunar a masaƙa, ta cire shi ne daga gonar inabi inda ya fi amfani. Taura biyu ba ta taunuwa. Saboda haka tsadar abu ta gaskiya ita ce abin da ka bari domin ka yi shi. Wannan shi ne abin da masana ke kira fifiko bisa kwatanci: ka kwatanta ayyukanka da junansu, ka ga wanda barinsa ya fi yi maka asara, ka riƙe shi, sauran ka saya.

Ricardo bai yi wannan lissafi don nishaɗi ba. A 1815 majalisar Ingila ta kafa dokar da ta toshe shigo da hatsin waje sai farashi ya yi tsada ƙwarai, abin da ya amfani masu manyan gonaki ya kuma tsadar da burodin talaka. Ya shiga majalisa a 1819 yana sukar dokar, ya rasu a 1823 ba a soke ta ba. Sai a 1846 aka soke ta.

Mu dawo da lissafin gida

Yanzu mu ajiye yadi da giya, mu ɗauki buhun hatsi da rago. Alƙaluman da ke tafe misali ne muka tsara don lissafin ya fito fili, kada ka ɗauke su farashin kasuwa.

Mu ƙaddara gidaje biyu masu yawan hannu ɗaya. Gidan farko yana wajen Kandi. Idan suka ba da ƙarfinsu duka ga noma, za su sami buhu 60 a shekara. Idan kiwo kaɗai suka yi, za su fitar da rago 30. Gida na biyu yana arewa, inda ruwa bai cika yawa ba. Noma kaɗai zai ba su buhu 10, kiwo kaɗai kuma rago 20. Gidan kudu ya fi a noma, ya fi a kiwo.

Sai mu tambayi kowanne: rago ɗaya nawa yake ci maka? A gidan kudu, buhu 60 ne a bakin rago 30, wato duk ragon da suka kiwata sun bar buhu 2. A gidan arewa buhu 10 ne a bakin rago 20, wato rago ɗaya rabin buhu kawai ya hana su. Ka ga abin mamaki: rago ya fi araha a gidan da ya fi ƙarancin ciyawa, domin abin da suka bari don su kiwata shi bai taka kara ya karya ba.

Idan babu ciniki, kowane gida ya raba ƙarfinsa biyu, gidan kudu zai tashi da buhu 30 da rago 15, gidan arewa da buhu 5 da rago 10. Jimilla buhu 35 da rago 25.

Yanzu a buɗe hanya. Gidan arewa ya bar noma ya kiwata rago 20. Gidan kudu ya rage kiwo zuwa rago 5, ya noma buhu 50. Jimilla rago 25 kamar dā, amma hatsi ya kai buhu 50. Buhu 15 sun ƙaru ba tare da an ƙara ko hannu ɗaya ba. A kasuwa suka daidaita rago ɗaya a kan buhu ɗaya. Gidan arewa ya sayar da rago 10, ya karɓi buhu 10. Ya tashi da rago 10 da buhu 10, maimakon buhu 5 na dā. Gidan kudu ya tashi da rago 15 da buhu 40, maimakon buhu 30. Babu wanda ya cuci wani, kowa ya ƙaru.

Abu biyu za ka riƙe daga nan. Na farko, gidan kudu bai bar kiwo gaba ɗaya ba, ragewa ya yi. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne ka ga shanu cike da Alibori, kuma ka ga ana shigo da na Nijar. Na biyu, farashin da zai yi wa kowa daɗi yana tsakanin rabin buhu da buhu 2. Idan ya faɗi ƙasa da rabin buhu, gara ɗan arewa ya noma nasa. Idan ya haura buhu 2, gara ɗan kudu ya kiwata nasa. Inda farashin ya tsaya a tsakanin nan shi ke nuna wanda ya kwashi kaso mafi tsoka.

A zahiri ma, abin da ɗan kudu ke bari ya wuce masara. Banikoara cibiyar auduga ce, auduga kuwa tana kan gaba a kayan da Benin ke fitarwa waje. Kowace kadada da aka bar wa dabbobi a can, kuɗin auduga ne aka haƙura da shi. Makiyayin da ya ga gonaki suna cinye burtali da makiyaya a wannan yanki, wannan lissafin ne yake gani da idonsa, ta ɓangarensa mai ɗaci. A arewacin Tawa kuwa, ƙasar da ruwanta bai isa noma ba, ciyawa ba ta da abokin takara. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ke ma mai tallar nono kin san wannan tun kafin Ricardo. Mashekarin da shanu suka kwana a kai ya fi gonar manomi taki, kuma sau da yawa geron da aka shuka a wurin ya fi nasa kyau. Duk da haka da yawa daga cikin masu garke ba sa faɗaɗa gona, domin hannun da zai yi noma da damina shi ne hannun da zai bi shanu. Sai a kai nono da man shanu gari, a dawo da hatsi.

Kuɗin hanya na iya cinye ribar

Lissafin Ricardo ya ɗauka kamar kaya na tashi daga wannan ƙasa zuwa waccan kyauta. Kai kuwa ka san akwai kuɗin mota, da na duwan, da na dillali, da na shingayen hanya, ga ramar dabba a tafiya. Koma kan misalinmu. Tazarar da ke tsakanin rabin buhu da buhu 2 ita ce buhu ɗaya da rabi. Ribar cinikin duka a cikin wannan tazara take. Idan ƙetarar da rago ɗaya da dawo da hatsinsa ta ci rabin buhu, saura buhu ɗaya a raba. Idan ta ci buhu ɗaya da rabi, ciniki ya mutu, kowa ya koma yi wa kansa komai, buhu 15 ɗin nan kuma su ɓace.

Tarihin garin nan shi ne tarihin rage wannan kuɗi. Layin dogo daga Kwatano ya iso Paraku a 1936, daga nan motoci ke ɗaukar kaya zuwa bakin kogi. A 1958 aka buɗe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya. Kafin nan sai an sauke kaya an yi fito. Da hanya ta yi sauƙi, kayan da dā ba su isa a wahala a kansu ba suka zama abin ciniki, kasuwar Malanville ta bunƙasa har ta shiga sahun manyan kasuwannin Benin.

Mun kuma ga akasin haka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe gadar, manyan motoci suka yi dogon layi a gefen Malanville. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe. Ƙasar noma ba ta canja ba, ƙasar kiwo ma haka, shi ya sa cinikin bai tsaya cak ba, ya koma kwalekwale. Amma a sauke buhu daga mota, a ɗora a jirgi, a sake lodawa a wancan gefe, kowane mataki da kuɗinsa. Mai saye ya biya da tsada, mai sayarwa ya karɓi kaɗan, bambancin ya tafi a ruwa.

Inda lissafin ke da iyaka

Kada ka ɗauka wannan magana ta warware komai. Akwai wurare uku da ya kamata ka yi hattara.

Na farko, wanda ya dogara da sayen abincinsa ya jingina ransa da farashi. Bayan fari da farin ɗango na 2004, a 2005 hatsi ya yi tsada ƙwarai a Nijar, dabbobi suka rame, farashinsu ya faɗi, wasu ƙasashe maƙwabta kuma suka taƙaita fitar da hatsi. A yaren misalinmu, ragon da ke sayen buhu ɗaya ya koma ba ya sayen ko rabi. Gidan da ya bar noma gaba ɗaya shi ya fi shan wuya. Saboda haka makiyayin da ke riƙe da 'yar gona, ko yake sayar da dabba da kaka lokacin da hatsi ke araha ya cika rumbu, ba jahiltar lissafi ya yi ba. Ya sayi kwanciyar hankali ne da ɗan abin da ya rage daga ribarsa.

Na biyu, idan aka ce ƙasa ta ƙaru, ba kowane mutum a cikinta ne ya ƙaru ba. A misalin Ricardo, masaƙin Fotugal ya rasa sana'arsa, kuma ba a rana ɗaya masaƙi ke zama manomin inabi ba. A namu misalin, mai kiwon raguna a kudu zai ga farashi ya sauka idan na arewa suka shigo, alhali mai sayen ragon layya yana murna. Ribar ta fi asarar yawa idan aka haɗa, amma ba aljihu ɗaya suke shiga ba. Daga nan ne yawancin kiraye-kirayen a rufe iyaka ke fitowa. Akwai kuma tambayar gobe: Ingila da ta riƙe saƙa ta zama ƙasar masana'antu, Fotugal ta daɗe a baya, kuma har yau masana tarihi na jayayya kan ko yarjejeniyar 1703 na da hannu a ciki. Lissafin yana gaya maka abin da ya fi riba da hannun da kake da shi yau. Bai hana ka koyon sabuwar sana'a ba, kamar sarrafa fata da nama da auduga maimakon fitar da su ɗanye.

Na uku, ba duk kayan da ke ƙetare iyaka ne ke bin wannan doka ba. Shinkafar Asiya da ake saukewa a tashar jirgin ruwan Kwatano a ratsa da ita zuwa Najeriya, ba don Benin ta fi kowa dacewa da noman ta ba ne. Bambancin kuɗin fito tsakanin ƙasashen biyu ne ya haifi cinikin, kuma yana cikin dalilan da Najeriya ta bayar lokacin da ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Irin wannan ciniki sa hannu ɗaya a ofis na iya kashe shi.

Ga yadda za ka bambance su kafin ka zuba jarinka. Ka tambayi kanka: da za a wayi gari harajin ƙasashen nan ya zama ɗaya, wannan kaya zai ci gaba da bin wannan hanya? Ragon Tawa zai ci gaba da gangarowa, albasar Galmi ma haka, masara da gari za su ci gaba da hawa arewa, domin tushensu ruwan sama ne da ƙasa da hannun mutane. Sannan ka riƙa auna dabbarka da buhu maimakon sefa ko naira kaɗai: rago nawa, buhu nawa, a Gaya nawa, a Malanville nawa, a Kamba nawa, kuma nawa hanya za ta ci. Idan tazarar ta fi kuɗin hanya, akwai ciniki. Idan ba ta kai ba, ka riƙe kayanka.

Nan muka kawo ƙarshen bayanin wannan mako. Wanda ke da tambaya ko gyara, ya aiko mana ta hanyar da aka saba, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya ba da kasuwa, ya kiyaye garke.